An fasa auren ƙanwata saura mako uku, yaya za mu rubuta sanarwar?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa. Auren ƙanwata da aka sa wa rana, saura mako uku a ɗaura, jiya manya suka zauna aka fasa. Kati ya riga ya fita, har dangin Katsina da na Gusau an aika musu, ƙawaye sun sayi anko wasu ma sun kai wa tela, lefe kuma yana ɗakin Mama. Baba ya ce tunda ni na raba katin ta waya, ni zan rubuta abin da za a tura wa mutane. Ga abin da na rubuta:

"Assalamu alaikum. Muna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa an ɗaga ɗaurin auren da aka shirya har sai abin da hali ya yi, bisa wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu waɗanda ba za mu iya bayyanawa ba. Muna ba da haƙuri, a taya mu da addu'a."

Ban tura ba tukuna. Na karanta shi ya fi a ƙirga, ina jin akwai abin da bai zauna ba amma na kasa gane shi. Don Allah masu sani ku duba min.

Ummin Zariya: Innalillahi. Allah Ya ba ta haƙuri, Ya musanya mata da mafi alheri. Amma anti, ni a ganina ku bari ta gama idda tukuna kafin a fara yaɗa magana, ko Allah zai sa a daidaita.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ummi, babu idda a nan, tunda ba a ɗaura ba. Baiko da sa rana alkawari ne na za a yi aure, amma auren kansa sai waliyyi da shaidu da sadaki da siga sun haɗu. Yarinyar budurwa ce kamar yadda take kafin a zo nemanta.

Ummin Zariya: Au, na ɗauka an ɗaura ne tarewa ta rage. A yi min afuwa.

Gwaggo Asabe: 'Yata, kada ki tura wannan. Kafin ma mu zo kan rubutu, wa da wa aka faɗa wa da baki? Kawunnanta, gwaggonninta, kakanninta, wanda aka ce shi ne waliyyi idan ba mahaifinku ba ne da kansa, da dattawan da suka karɓi kuɗin gaisuwa ranar da aka zo nema. Waɗannan ba a sanar da su a rubuce. Mahaifinku zai taka ya je ko ya buga waya, mahaifiyarku ta ɗauki ɓangaren mata. Idan ƙanin mahaifinku ya fara ganin labarin a wayar 'yarsa, kun gyara wata ɓaraka kun buɗe wata, kuma ta biyun ta fi wuyar ɗinkewa. Saƙon waya na mutanen da kati ya kai wa ne kawai, kuma sai an gama da manya.

Sannan kin ce an fasa, amma kin rubuta an ɗaga. Wanne ne?

Maman Ilham: Fasawa aka yi Gwaggo, babu maganar komawa. Mama ce ta ce a rubuta ɗagawa, wai ya fi sauƙi a kunne, idan aka kwana biyu mutane za su gane da kansu.

Gwaggo Asabe: Na san abin da take ji, kunya ce, kuma ba laifinta ba ne. Amma mutane ba sa ganewa da kansu, tambaya suke yi. Duk sunan da ta je, duk bikin da ta je, sai an ce mata "Hajiya ya ake ciki, an sa sabuwar rana?" Ita kuma yarinyar duk inda ta gifta amarya za a riƙa kiranta. Abin da za a sha ɗacinsa sau ɗaya sai a yi wata shida ana kurɓarsa. Na ga gidan da suka yi haka, wata ƙawar amarya ta ajiye ankonta a ɗinke tana jira, sai da ta ga hoton angon da wata matar sannan ta sani. Ranar ne aka yi surutun da ake gudu, ya kuma fi wanda za a yi da farko muni, don ya haɗa da cewa an yi wa mutane ƙarya.

Malam Habu: Akwai wani abu kuma da ya fi surutu nauyi. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kada mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa, a ruwayar Bukhari kuma har sai mai neman farko ya bari ko ya yi masa izini. To duk mutumin kirki da ya ji an ce "an ɗaga" zai ɗauka har yanzu yarinyar tana da mai ita, sai ya kama kansa. Kun ga da hannunku kun rufe mata ƙofa kuna ganin rufa mata asiri kuke yi. Wannan kalmar kam dole ta fita a fili: an fasa, ko auren ba zai yiwu ba.

Abban Sadiq: Ni fa ban ga amfanin wannan kewaye-kewayen ba. A faɗi dalili kawai kowa ya huta. Idan laifin yaron ne a ce laifinsa ne. Ɓoye-ɓoyen nan shi ke sa mutane su ƙirƙiro nasu labarin.

Maman Ilham: Gaskiya mu muka janye. Wani abu ne da ya ɓoye, bincike ya fito da shi a makare. Ba zan iya faɗa a nan ba.

Gwaggo Asabe: To kin ga abin da kika yi yanzu? Kowa da ke karanta wannan ya fara lissafi a ransa: mata gare shi a wani gari, ko shaye-shaye, ko ciwo, ko bashi? Ba ki faɗa ba, amma kin faɗi abin da ya fi faɗar illa, don kowa zai cike gurbin da mafi munin abin da ya sani. Ainihin ciwon rubutunki ke nan. "Wasu dalilai da ba za mu iya bayyanawa ba" sanarwa ce cewa akwai wani asiri a ƙasa, ku zo ku tona. Wanda bai yi niyyar tambaya ba ma sai ya tambaya. "Da suka fi ƙarfinmu" kuma yana nuna an yi muku dole ne, wato ɗaya gidan ne suka guje ku, alhali ku kuka janye. Ki cire maganar dalili gaba ɗaya. Ba a ce akwai dalili, ba a ce babu, ba a ce ba za a faɗa ba.

"A taya mu da addu'a" ma ki duba shi. A haɗe da sauran yana ƙamshin jaje, kamar wata musiba ta auku wa yarinyar. Addu'ar ku za ku yi ta, kuma ku haɗa su biyun a ciki.

Da ni ce, ga yadda zan ce:

"Assalamu alaikum. Iyalan Alhaji wane da iyalan Malam wane suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa auren 'ya'yansu wance da wane, wanda aka sa ranar kaza ga watan kaza, an fasa shi bayan shawarar iyaye. Allah bai nufa ba. Muna godiya da karamcinku, muna kuma ba da haƙuri ga duk wanda ya riga ya yi wata ɗawainiya. Allah Ya zaɓa wa kowannensu mafi alheri."

Shi ke nan. Kada ki ƙara ko layi ɗaya.

Maman Ilham: Na gode Gwaggo. Amma me ya sa za mu sa sunan gidansu? Mu da su yanzu ko gaisuwa da ƙyar.

Gwaggo Asabe: Ɗauko katin ki duba, da sunan wa aka gayyaci mutane? Gida biyu ne suka kira taro, gida biyu za su sallame shi. Idan sunanku kaɗai ya fita, mai karatu zai ce rigima aka yi. Kuma su ma za su fitar da tasu sanarwar, kalmominsu daban da naku, sai masu bin diddigi su jera biyun suna neman inda suka saɓa. Abin da ya dace, wakilinku ya kai wa wakilinsu rubutun kafin ya fita, su gani su amince, a tura abu ɗaya a rana ɗaya. Hanyar da neman ya bi ya shigo, ta nan fasawar za ta bi ta fita. Ba ke za ki kira yayar ango ba.

Ki lura kuma na ce "an fasa", ban ce "mun fasa" ba. Da kin ce mun, kin nuna wanda ya ƙi wani. Kin ci nasara ta kwana ɗaya, su kuma dole su kare kansu, kuma ba su da abin karewa sai su taɓa yarinyar.

Baban Khalifa: Bari in kawo nawa, ko da yake ba iri ɗaya ba ne. Ni ne angon a lokacin. An sa rana, muka je gwaji, ni AS ita ma AS. Likita ya yi mana bayani cewa kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, iyaye suka ce a haƙura. Babu wanda ya yi wa wani laifi, har yau muna gaisawa da gidansu. Amma wani yayana da ya tashi sanarwa sai ya rubuta "an fasa sakamakon gwajin asibiti". Wallahi kafin sati ya zagayo an gama yanke hukunci a unguwa cewa ɗayanmu na da ƙanjamau, saura kawai a gano waye. Sai da mahaifinta ya riƙa nuna wa mutane takardar gwaji. Saboda haka ban yarda da cewa kullum a cire dalili ba. Da tun farko an ce dukkanmu AS ne, da babu wannan.

Nas Hadiza: Wannan kuskuren yana yawa yanzu. A Kano tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin aure, kuma gwajin ba na sikila kaɗai ba ne, har da ƙanjamau da ciwon hanta. To kalmar "gwaji" ita kaɗai ta ɗauki dukkansu, mai ji kuma mafi muni yake zaɓa. "Jininsu bai haɗu ba" ya ɗan fi, amma shi ma na ji tsofaffi suna fassara shi yadda suka ga dama. Idan za a ambata, a ambaci sikila da sunanta. Sai dai sakamakon gwaji sirrin mai shi ne, ba na dangi ba. Sai an tambayi yaron an tambayi yarinyar, kowa ya ce ya yarda. Akwai mutanen da har yanzu suke ɗaukar AS kamar ciwo ne, alhali mai AS lafiyarsa ƙalau, kuma idan ya auri mai AA ba za su haifi mai sikila ba. Wata yarinyar ba za ta so a buga mata wannan a wayar mutum ɗari uku ba.

Gwaggo Asabe: Baban Khalifa, ai labarinka bai saɓa da nawa ba. Yayanka rabin dalili ya faɗa. Ko a faɗe shi duka idan mai tsabta ne kuma masu shi sun yarda, ko a bar shi duka. Na Maman Ilham ba irin wanda ake faɗa ba ne.

Baban Khalifa: Na ji, amma da bai ce komai ba ma ina ganin sai an yi zargin. An ga mun je asibiti tare.

Abban Sadiq: Yawwa, nan nake so a zo. Kuna ta maganar mutunci, amma mu faɗa wa juna gaskiya: a garin nan idan aka fasa aure aka yi shiru, wa ake zargi? Macen. Za a ce an gano wani abu ne a kanta. Shi yaron bayan wata uku ya yi aurensa, ita tana zaune ana nuna ta da baki. To shirun nan wa ya amfana? Mai laifin. Ku rufa masa asiri da mutuncin 'yarku, ni ban ga adalci a ciki ba.

Maman Ilham: Wallahi abin da ke hana ni barci ke nan.

Malam Habu: Abban Sadiq, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba ƙarama ba. Wanda aka zalunta yana da damar ya yi magana, aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Amma damar faɗa daban, wurin faɗa daban. Saƙon da za a tura wa jama'a zai kai hannun wanda ya san ku da wanda bai san ku ba, za a ɗauki hotonsa a ajiye, bayan shekara goma yana nan. Kuma duk abin da kuka rubuta a kan yaron sai kun iya tabbatar da shi. Idan abin ya shafi zargin alfasha ne, to ku yi hattara ƙwarai, aya ta 4 a Suratun Nur ta sa bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. Ko ba wannan ba, ɓata suna abu ne da ake kai mutum kotu a kansa.

Wurin da ake faɗar gaskiya shi ne idan wani ya zo neman shawara. Fatima bint Ƙais ta gaya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Mu'awiya da Abu Jahm sun nemi aurenta. Ya ce mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya ba ta shawarar Usama bin Zaid. Yana cikin Muslim. To gobe idan wani uba ya zo wurin mahaifinku ya ce yaron nan yana neman 'yata, na ji kun taɓa yi da shi, me ya raba ku, a nan wajibi ne ya gaya masa abin da ya sani tabbas, gwargwadon buƙata. Haka idan wani ya zo neman ƙanwarki, danginsa suka yi bincike, za a gaya musu. Mutanen da ra'ayinsu zai shafi rayuwarta ke nan, kuma su za su ji gaskiya.

Abban Sadiq: Malam, wanda zai zo ya tambaya ai shi ne mai hankali. Nawa ne za su ji raɗe-raɗi su juya tun daga bakin layi ba su tambayi kowa ba?

Malam Habu: Akwai su, ban musa ba.

Gwaggo Asabe: Akwai su, amma akwai abin da maza ba ku cika lura da shi ba. Labari a dangi ba ta takarda yake tafiya ba, ta bakin mata yake tafiya. Shi ya sa na ce a fara da manya. Gwaggonni biyu ko uku masu nauyin baki, waɗanda ake jin maganarsu, a zaunar da su a gaya musu gaskiyar abin da ya faru. Su ne za su tare maganar a gidan suna da gidan biki. Idan wata ta fara "ai na ji an ce yarinyar ce", sai gwaggo ta ce "a'a, iyayenta ne suka duba suka ga bai dace ba, yarinya ba ruwanta." Wannan jimlar daga bakin dattijuwa ta fi duk abin da za ki rubuta aiki, kuma ba ta bar shaidar da za a riƙa yawo da ita ba. Amma a zaɓa da kyau, kowa ya san gwaggon da ba a ba ta ajiyar magana a gidansu.

Ummin Zariya: To anti mu ƙawaye fa? Ni an taɓa yi min haka, na sayi anko na ɗinka, na ba da kuɗin gudummawa, sai kawai na ji shiru. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, ko sannu ba a ce mana ba.

Maman Ilham: Wannan ma yana cikin abin da nake tunani. In sa maganar anko a cikin sanarwar?

Gwaggo Asabe: A'a. Sanarwar jama'a daban, saƙon ƙawaye daban. Na ƙawaye ya fito daga babbar ƙawa ko daga ke, cikin zauren da aka buɗe don bikin, kuma ya fi na farko sakin jiki: "'Yan'uwa, Allah bai yi auren nan ba, an fasa. Wance tana lafiya, tana gaishe ku, tana roƙon a ɗan ba ta kwana biyu kafin kira. Wadda ta ba da kuɗin anko ba ta karɓa ba za a mayar mata, kuɗin gudummawa ma haka, ku tuntuɓe ni." Ki ce tana lafiya, don shi ne abin da masu ƙaunarta ke son ji. Waɗanda suka riga suka ɗinka ki kira su ɗaya bayan ɗaya ki ba su haƙuri, yawanci za su ce ba komai, atamfa ce za su sa abinsu. Bayan kwana biyu a rufe zauren, kada ya zama dandalin tambaya.

Gudummawar manya kuma a mayar da ita hannu da hannu. Da yawa za su ce a bar wa yarinya, amma a bari su faɗa da bakinsu.

Abban Sadiq: Lefe kuma dole a mayar da komai har allura, haka shari'a ta ce duk wanda ya fasa.

Malam Habu: Ba haka kai tsaye ba. Sadaki idan an riga an bayar, shi kam ana mayarwa ko wa ya janye, domin ba a ɗaura ba. Kyauta kuwa, abin da malaman Malikiyya na baya suka rinjayar shi ne a duba wanda ya janye: idan namijin ne, ba ya bin abin da ya bayar, idan ɓangaren macen ne, yana da haƙƙin a mayar masa, sai fa idan akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa wa haka. A nan tunda su suka janye, mayarwa za a yi. Sauran bayani a zauna da malamin da ya san al'adar wurin.

Gwaggo Asabe: Kuma a mayar da shi kafin sanarwa ta fita ko a ranar, kada a ba da damar a aiko tambaya. Mata biyu ko uku masu natsuwa su kai, a buɗe akwati a ƙirga a gaban nasu matan kamar yadda aka ƙirga ranar kawowa. Abin da za a ce kaɗan ne: "Ga amanarku, mun gode da karamci, Allah bai ƙaddara ba, Allah Ya bar zumunci." Ko an tsokane su kada su tanka. Kalmar lefe ko sadaki kuma kada ta shiga rubutun da za a tura wa jama'a ko kusa.

Nas Hadiza: Ƙari ɗaya, ku riƙe wayar yara. Iyaye su gama tsara magana mai kyau, sai ƙaramar ƙanwa ta ɗora "Allah Ya raba mu da mayaudara" a sitatus, ko ƙawa ta sa habaici da waƙa. Duk wanda ya gani ya san da wa ake. Hotunan kafin biki ma a sauke su shiru, a roƙi mai hoto da mai kwalliya su cire nasu.

Maman Ilham: To idan mutum ya kira ni ya ce "me ya faru?" fa? Ni ba na iya ƙarya, kuma idan aka matsa min sai in fara zuba.

Gwaggo Asabe: Ba ƙarya za ki yi ba. Ki riƙe jimla ɗaya, duk gidan ku riƙe ta, kada ke ki faɗi wani abu Mama ta faɗi wani. "Manya ne suka zauna suka ga haƙurin ya fi alheri." Idan aka sake tambaya, "Wallahi maganar tana wurin su Baba." Sa'arki ba za ta wuce nan ba. Idan babba ce wadda ba za ki iya rufe wa baki ba, ki ce "Hajiya, Mama za ta kira ki", ki miƙa ta sama. Abin da za ki guje wa shi ne "hmm, ke dai bari", da "ba a cewa komai", da "Allah Ya isa". Sun fi cikakken bayani ɓarna.

Ita yarinyar kuma an nuna mata rubutun? Sunanta ne a ciki.

Maman Ilham: Ban nuna mata ba, ganin halin da take ciki. Zan kai mata yanzu.

Maman Ilham: Na dawo. Ta karanta, ta ce a cire "Allah Ya zaɓa wa kowannensu mafi alheri", wai ita ba za ta yi masa addu'a ba. Baba ya ce a bar shi, ba da bakinta aka yi ba, da bakin iyaye ne. Ta yi shiru. Sannan Kawu ya kai wa wakilinsu, sun amince da komai amma suna so a ƙara "bisa fahimtar juna". Baba ya ce shi bai ga wata fahimtar juna ba, ba zai sa hannu a kan abin da ba haka yake ba.

Abban Sadiq: Baba ya yi daidai. So suke a wanke su.

Baban Khalifa: Ni kuma ina ganin a ba su. Kalma uku ce, kuma tana kare yarinyar ita ma, tunda tana nuna ba korar ta aka yi ba. Idan kuka hana, za su iya cewa to kowa ya rubuta nasa.

Malam Habu: Idan an zauna, ku kun ce kun janye, su sun ce sun karɓa, to an yi ittifaƙi a kan fasawar ko da ba a yi a kan dalilin ba. Amma na fahimci Baba, "fahimtar juna" tana ba da hoton an rabu ana dariya. Ku gwada musu "bayan zaman iyayen ɓangarorin biyu". Zaman dai an yi shi, babu wanda zai ce ƙarya ne, kuma ya ba su abin da suke nema, wato a ga da su aka yanke.

Gwaggo Asabe: Na Malam ya fi nawa. Amma kada a wuce gobe ana jan kalma, mutanen Gusau suna iya fara neman mota. Idan sun ƙi, ku tura da sunan gidanku kaɗai, ku bar sauran yadda yake, har addu'ar.

Maman Ilham: Kawu ya ce zai koma musu bayan isha'i. Baba ya riga ya kira kawunnai, saura Inna ta Katsina da ba ta ɗauka ba, kuma Mama ta ce ba za a tura komai ba sai an same ta.

Ummin Zariya: Anti idan ba ta ɗauka ba ku kira wani a gidan ya kai mata wayar, tsofaffi ba sa jin ƙararta.